Terabayit 24 zuwa wani gari: a sa faifai a kwali ko a tura ta intanet?

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, domin wannan tambaya ba ta amsuwa sai da lissafi. Wani kamfanin ɗaukar bidiyo yana da terabayit 24 na ɗanyen hoto da bai riga ya tace ba, yana son kai su ofishinsa na tacewa da ke wani gari, tafiyar kwana biyu idan aka ba kamfanin aika kaya. Ofishin da bayanan suke yana da intanet mai kyau, wanda aka sayar musu da sunan 200 Mbps, wato megabit 200 a daƙiƙa. Shugaban ofishin yana ganin ai da irin wannan layi, aika faifai a kwali koma-baya ne.

Abin da ya fara ruɗa shi shi ne lambar 200 ɗin nan. Yawancin layukan intanet na gida da na ƙananan ofisoshi suna da gudu biyu, na saukewa da na ɗorawa, kuma lambar da ake tallatawa ta saukewa ce. Wanda zai tura bayanai waje ba ruwansa da ita. A misalinmu, da aka gwada layin sai aka ga gudun ɗorawa 50 Mbps ne kacal. Ruɗu na biyu kuma shi ne ana auna layi da bit, ana auna fayil da bayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layin 50 Mbps ke nan ba ya wuce megabayit shida da ɗan ɗoriya a daƙiƙa, ko da komai ya tafi daidai.

Lissafin ba wuya. Terabayit ɗaya megabit miliyan 8 ne. Terabayit 24 ya zama megabit miliyan 192. Ba a samun cikakken gudun layi na tsawon kwanaki, saboda wani kaso yana tafiya a kan bayanan sarrafa saƙo da sake tura abin da ya ɓace a hanya, don haka ni nakan ɗauki kashi 80 cikin ɗari in yi lissafi da shi. Wato 40 Mbps. A raba miliyan 192 da 40, a sami daƙiƙa miliyan 4.8, kusan kwana 56 ke nan, dare da rana, ba ɗaukewar wuta, ba yankewar layi, kuma babu wani a ofishin da ke amfani da intanet yadda ya saba. Idan ma'aikata suka yi ƙorafi cewa kiran bidiyo ya daina tafiya, aka koma turawa da dare kawai na awa 12, to kwanakin sun ninka, sun doshi wata huɗu.

Yanzu ga ɓangaren faifai, kuma a nan ne masu goyon bayan kwali su ma suke yaudarar kansu, domin sukan ƙirga kwana biyun tafiya kawai. Faifan ajiya mai juyawa na inci 3.5 yana rubuta manyan fayiloli da gudun da kan haura megabayit 200 a daƙiƙa a farkonsa, sannan ya yi ta raguwa yayin da yake cika, har ya faɗo kusan rabi a ƙarshe, saboda da'irorin da ke kusa da tsakiyar faifan sun fi na gefe gajarta. Mu ɗauki matsakaicin 180. Idan aka raba bayanan gida biyu, terabayit 12 a kowane faifai, ana rubuta su a lokaci ɗaya, kwafin zai ci wajen awa 19. Sai a sake karanta su duka don tabbatar da cewa abin da aka rubuta daidai yake, wata awa 19. Tafiya awa 48. A can ma a kwashe su zuwa ma'ajiyar ofishin, awa 19, a sake tantancewa, awa 19. Jimla awa 124, kwana biyar da 'yan awanni. Idan aka haɗa da cewa kwafi yakan ƙare da tsakar dare ba kowa a wurin, a ce kwana shida.

Kwana shida da kwana 56 ba su da haɗi. Amma lambar da ta fi amfani ita ce wannan: idan aka raba megabit miliyan 192 da awa 124, kwalin nan yana tafiya ne kamar layi mai gudun wajen 430 Mbps. Wannan ita ce iyakar. Duk wanda layinsa zai iya riƙe gudun ɗorawa sama da haka na kwanaki a jere, kuma mai karɓa zai iya saukewa da irin wannan gudu, intanet ta fi masa. Ofishi mai layin gigabit ɗaya sama da ƙasa, wanda ke samun 800 Mbps a zahiri, zai gama terabayit 24 cikin awa 67, ƙasa da kwana uku, bai sayi faifai ba, bai naɗe komai ba. A wurinsa kwali ɓata lokaci ne.

Iyakar tana motsi da yawan bayanan, kuma wannan ne ya sa ba a iya ba kowa amsa ɗaya. A kan wancan layi na 50 Mbps, terabayit ɗaya yana cin awa 56. Faifai kuma yana cin awa 48 na tafiya da wajen awa 6 na kwafi da tantancewa, awa 54. Kunnen doki. Ƙasa da terabayit ɗaya, su tura ta layi kawai. Daga nan zuwa sama, kowane terabayit yana ƙara wa layi fiye da kwana biyu, alhali kwali ba ya jin nauyin ƙarin faifai: terabayit 48 a faifai huɗu zai isa a mota ɗaya, cikin kwana biyun nan dai. Shi ya sa ko manyan cibiyoyin bincike masu layukan da ba kowa ke da su ba suke komawa ga kwali idan abu ya kai wani matsayi. Masu aikin Event Horizon Telescope, waɗanda suka fitar da hoton baƙin ramin sararin samaniya na M87 a watan Afrilun 2019, a faifai suka tattara bayanan da suka ɗauka a 2017, wajen petabayit biyar, aka kai su cibiyar Haystack ta MIT a Amurka da cibiyar Max Planck da ke Bonn a Jamus ta jirgin sama. Faifan da ke tashar Kudancin Duniya sai da suka jira watanni, har hunturu ya wuce jirage suka fara sauka.

Lissafina na awa 19 yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne aiki ya fi lalacewa. Na farko, inda bayanan suke sai ya iya fitar da megabayit 360 a daƙiƙa don ciyar da faifai biyu lokaci guda. Idan suna cikin akwatin ajiya na ofis wanda ke haɗe da kwamfuta ta kebul ɗin gigabit ɗaya, duk abin da zai wuce bai fi megabayit 110 zuwa 115 a daƙiƙa ba, kuma kwafin terabayit 24 zai ci wajen awa 60. Maganinsa a jona faifan kai tsaye a jikin akwatin idan yana da USB 3, ko a sami haɗin gigabit goma. Na biyu, ramin USB da kebul. Idan aka kuskura aka soka a USB 2.0, gudu ya tsaya a wajen megabayit 35 zuwa 40, terabayit 12 kuma ya koma aikin kwana huɗu. Alamar a fili take: gudun kwafi ya daskare a wannan lamba tun daga minti na farko, ba ya hawa ba ya sauka.

Na uku shi ne irin faifan. Akwai mai rubutu irin na CMR, akwai na SMR. Na SMR yana jera layukan rubutu suna hawa kan juna don ya ɗauki bayanai da yawa, kuma idan aka matsa masa da dogon rubutu, musamman na ƙananan fayiloli ko a kan faifan da aka taɓa cikawa, wurin da yake ajiye rubutu na wucin gadi yakan cika, sai gudu ya rushe. Za ka ga kwafi ya fara da kyau, bayan wani lokaci ya faɗo ƙasa sosai, yana tsayawa yana tashi. Da yawa daga cikin ƙananan faifan aljihu na inci 2.5 masu terabayit 4 ko 5 irin wannan ne. Don aiki kamar namu, a duba takardar bayanin faifan a tabbatar an rubuta CMR kafin a saya.

Sai girman faifan kansa. Masu ƙera faifai suna ƙirga terabayit da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirgawa da 1024 amma tana rubuta TB. Faifan terabayit 12 zai fito a allonta a matsayin 10.9, na 14 kuma 12.7. Saboda haka idan Windows ce ta ce foldarka 24 TB ce, a lissafin masu faifai ta haura 26, kuma faifai biyu masu 12 ba za su ɗauke ta ba. Ko a misalinmu da bayanan suke 24 cif a lissafin masu faifai, ni biyu masu 14 zan saya, don kada a cika faifai maƙil a kuma shiga yankinsa mafi jinkiri.

Dole kuma a tambayi mai karɓa irin kwamfutar da zai buɗe faifan da ita tun kafin a tsara shi. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, don haka ya fita daga lissafi a harkar bidiyo. exFAT yana buɗuwa a Windows da Mac da Linux, amma ba ya ajiye izinin fayiloli, kuma ba shi da kundin da ke taimaka wa tsari ya farfaɗo idan aka zare kebul ana cikin rubutu. NTFS yana da wannan kundi, Mac kuma tana karanta shi ko da ba ta rubuta masa da kanta, wanda ya wadatar idan kwashewa kawai za a yi. Idan ɓangarorin biyu Linux ne, ext4 ya raba gardama.

Intanet ma tana da nata tarkon bayan ƙarancin gudu. Idan ba kai tsaye za a tura daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba, sai an bi ta ma'ajiyar wani kamfani, to tafiya biyu ce, ɗorawa da saukewa. Ana iya fara saukewa kafin a gama ɗorawa, amma ɓangaren da ya fi jinkiri shi ke yanke hukunci. Wasu ma'ajiyun suna da iyakar yini: Google Drive, alal misali, tana tsayar da mutum ɗaya a gigabayit 750 cikin awa 24, wato terabayit 24 ba zai shiga ƙasa da kwana 32 ba ta asusu ɗaya, komai ƙarfin layinka. Manyan ma'ajiyun kasuwanci kuma galibi ba sa cajin shigar da bayanai, amma suna cajin fitar da su a kan kowane gigabayit, kuma gigabayit 24,000 ake magana. A ƙara da sharaɗin kamfanin intanet ɗinka, domin layin da aka kira marar iyaka sau da yawa yana da adadin da idan an wuce shi ake rage gudu. A karanta waɗannan ukun kafin a danna komai.

Akwai kuma wani abu da ke ba masu layin gigabit mamaki: su fara tura fayil ɗaya su ga gudu bai kai rabin abin da suka saya ba. Haɗi guda ɗaya yana jiran amsa daga can kafin ya ci gaba da zuba bayanai, kuma nisan gari da ɗan abin da ke ɓacewa a hanya suna rage masa ƙarfi. Tura fayiloli da yawa lokaci guda yakan cike layin. A manhajar tura fayiloli ta rclone, `--transfers 8` ke yin wannan. Idan kuma bayanan ba manyan bidiyo ba ne, miliyoyin ƙananan hotuna ne ko takardu, to duk lissafin da na yi a sama ya rushe ga hanyoyin biyu, saboda kowane fayil yana da nasa ɓata lokacin na buɗewa da rufewa. A irin wannan hali a ɗaure su cikin manyan ƙunshi da `tar` tukuna, kowane ƙunshi gigabayit 50 ko 100.

Inda intanet ta yi wa kwali fintinkau shi ne yadda take ɗaukar matsala. Layi ya yanke, kayan aiki irin su rsync ko rclone su ci gaba daga inda aka tsaya, asarar 'yan mintoci. Faifai kuwa ya faɗi daga bayan mota, asarar kusan kwana huɗu ce ɗungurum, a sake daga farko. Faifai mai juyawa yana jure girgiza sosai idan a kashe yake, amma faɗuwa a kan siminti ba tare da kariya ba tana iya kashe shi nan take. Naɗin da ya dace shi ne jakar da ke kare shi daga tartsatsin lantarki, sannan soso mai kauri ta kowane gefe yadda ba zai motsa ba, kowane faifai a ɗakinsa, kada biyu su taɓa juna. In an girgiza kwalin an ji motsi, a sake naɗi. Idan ya iso daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, a bar shi a jakarsa na wasu awanni kafin a kunna, don kada raɓa ta taru a jikinsa. SSD ba ta da abin da ke juyawa, ta fi jure faɗuwa, ta kuma fi sauri, sai dai kuɗin kowane terabayit ya ninka na faifai mai juyawa sau da yawa. Ta dace da terabayit biyu zuwa takwas na gaggawa fiye da 24.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne wannan: faifan da ke cikin kwali kada ya taɓa zama kwafi ɗaya tilo. Asalin bayanan ya zauna inda yake. Idan lokaci ya ƙure har ba za a iya jure sake aikin kwana biyar ba, a yi kwafi biyu a aika ta hanyoyi biyu daban, ko a rana biyu daban. Kuma faifan da zai bi ta hannun mutanen da ba ka sani ba, a kulle shi tun kafin a zuba masa komai: BitLocker a Windows, LUKS a Linux, ko VeraCrypt idan kwamfutocin sun bambanta. Kalmar sirrin kada ta shiga kwali, a faɗa wa mai karɓa ta wata hanya. Da haka, ɓatan kwali ya zama asarar ƙarfe kawai, ba tonon asirin abokan hulɗa ba.

Tantancewa kuwa ta shafi hanyoyin biyu. Ganin cewa girman folda ya yi daidai ba hujja ba ce. A lissafa wa kowane fayil hatiminsa, wato lambar da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa wadda ke canzawa idan ya gurɓace, daga asalin bayanan, ba daga kwafin ba, domin idan kwafin ya gurɓace tun wajen rubutu, hatimin da aka ɗauka daga gare shi zai gaskata gurɓataccen abu ne. Wannan ma karatun terabayit 24 ne, don haka a fara shi tun ana jiran faifan su iso. A cikin kowace babbar folda ta asali, ana canza sunan `jeri` ga kowace folda don kada wani jeri ya goge wani:

```
find . -type f -print0 | xargs -0 sha256sum > ../jeri.sha256
```

Sannan a kwafa jerin zuwa faifan, a ajiye shi kusa da foldarsa, a gudanar da wannan a cikin kwafin, kafin aikawa da kuma bayan isowa:

```
sha256sum -c --quiet ../jeri.sha256
```

Idan bai rubuta komai a allo ba, duk fayilolin sun dace. Idan ya fito da sunaye uku ko goma da `FAILED` a gabansu, waɗannan kaɗai za a sake turowa, kuma ta intanet, tunda ba su da yawa. Yana da kyau a duba lafiyar faifan da `smartctl -a` kafin tafiya da bayanta. Idan lambobin `Reallocated_Sector_Ct` ko `Current_Pending_Sector` sun tashi daga sifili a tsakanin, faifan ya ji jiki a hanya. A kwashe abin da ke ciki nan da nan, kada a ƙara dogara da shi.

To ga abin da zan ba kamfanin nan shawara, kuma shi ne abin da ya fi dacewa da yawancin masu irin layinsu: kada su zaɓi ɗaya, su raba aikin. Babban tulin ya bi kwali. Amma cikin kwanaki biyar ɗin da ake kwafi da tafiya, ofishin bai daina aiki ba. A ce suna ƙara gigabayit 60 kullum, gigabayit 300 ke nan, wanda a 40 Mbps bai kai awa 17 ba. Bayan an kwashe faifan a can, sai a sa rsync ya kwatanta ɓangarorin biyu ya tura sabon abu kawai:

```
rsync -a --partial --info=progress2 /bidiyo/ ofis2:/ajiya/bidiyo/
```

A fara gudanar da shi da `-n` da `-v` don a ga jerin abin da yake niyyar turawa ba tare da ya tura ba. Idan jerin ya fito da kusan dukkan fayilolin, ba sababbin kaɗai ba, to lokutan da ke jikin fayilolin sun canza wajen kwafi, kuma rsync yana ganin kowannensu a matsayin wanda aka taɓa. Ba zai sake tura terabayit 24 ba, amma zai zauna ya karanta su duka a ɓangarorin biyu, aikin kwanaki a banza. Shi ya sa tun kwafin farko zuwa faifai ake amfani da abin da ke riƙe lokacin fayil, kamar `rsync -a` ko `robocopy` a Windows, kuma a ajiye tsarin foldoji yadda yake. Idan aikin gama ya riga ya gama, `--size-only` yana fitar da mutum, tunda an riga an tantance abin da ke ciki da hatimi.

Daga nan gigabayit 60 na kowace rana aikin awa uku da ɗan kai ne da dare, layin 50 Mbps ya ishe shi har da saura. Faifan biyun kuma a ajiye su a can yadda suke, kada a goge. Asalin da ke ofishin farko ba a taɓa shi sai tantancewar ƙarshe a ma'ajiyar ofishi na biyu ta fito babu `FAILED` ko ɗaya, an kuma yi wa wannan ma'ajiyar nata kwafin ajiya.